Fashin baƙi: wa ya kamata ya sa rigar a hoton talla, kuma yaya zai tsaya?

Matar da ta shiga Kantin Kwari neman abaya tana da abubuwa da yawa a hannunta. Za ta taɓa yadin ta ji nauyinsa, ta ɗaga shi a haske ta ga ko shara-shara ne, ta kara rigar a kafaɗarta ta ga inda ta tsaya mata. In ta koma gida ta buɗe Instagram ko ta duba sitatus ɗin wata mai sayar da kaya a WhatsApp, duk wannan ya kau. Abin da ya rage mata shi ne jikin wata da ta sa rigar aka ɗauka a hoto. Da wannan jikin za ta auna nata. Shi ya sa nake ganin wadda ake ɗauka ta sa kaya, wadda 'yan kasuwar yanzu suke ce wa modal, aikinta na farko aikin tef ɗin tela ne. Kyau yana zuwa daga baya.

Tambayoyi biyu ne a zuciyar mai saye, ko da ba ta furta su ba. Yaya rigar nan za ta zauna a jikina? Kuma ina zan iya shiga da ita? Ta farko tsawo da ƙiba da launin fatar mai sa kayan ne suke amsa ta. Ta biyu kuwa tsayuwa da yanayin fuska ne. Zan bi su ta kan abaya, domin ita ce rigar da kuskuren ya fi fitowa fili a cikinta, sannan in ɗan leƙa kayan maza.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da abaya a Kano. Tana saro kayanta daga Dubai ko daga hannun dillalai a nan gida, masu lamba 52 zuwa 60. Ga wanda bai sani ba, wannan lambar tsawon rigar ne a inci, daga kafaɗa zuwa bakin ƙasa. Lamba 54 takan yi wa mace mai tsawon ƙafa biyar da inci uku ko huɗu daidai, 56 ta mai ƙafa biyar da rabi ce ko kusa da haka, 60 kuwa sai doguwar mace sosai. In wannan 'yar kasuwa ta duba littafin cinikinta, a ce ta tarar 54 da 56 ne suke fara ƙarewa, kuma yawancin masu turo kuɗi matan aure ne da ma'aikata, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na banki, 'yan shekara talatin zuwa hamsin, waɗanda suka haihu jikinsu ya buɗe. Amma da ta tashi ɗaukar hoto sai ta kira ƙanwar ƙawarta, 'yar jami'a mai shekara ashirin, siririya, mai tsawon ƙafa biyar da inci tara, saboda kowa ya ce ta iya hoto.

Ga abin da zai faru. An ba yarinyar lamba 56, domin ita ce a kusa. A jikinta rigar ta tsaya a saman idon sawu, takalmi mai tsini ya fito, abin ya yi fes. Faɗin rigar ya yi mata yawa, sai aka tattare bayan aka maƙale da fil ko abin shanya, ta gaba sai ta fito kamar an ɗinka mata. Hajiya mai ƙafa biyar da inci biyu ta ga hoton, ta ce a kawo mata irin wadda ke jikin yarinyar. Ta sa, riga tana share ƙasa, hannun ya rufe yatsu, ƙugun da ta gani a hoto babu shi, domin dama filin ne ya yi shi. Ba za ta ce hoton ne ya yi ƙarya ba. Cewa za ta yi an canza mata kaya. Kuɗin ɗan sahu ko na tasha na dawo da kaya ƙaramin abu ne a kan wannan maganar, wadda za ta faɗa wa matan gidansu da na ofishinsu.

Maganin ba shi da tsada. Littafin ciniki ne zai zaɓi mai sa kayan. Lambar da ta fi fita, a nemo mace mai wannan jikin, a sa mata lambarta ta gaskiya, ba fil, ba ɗamewa. Sannan a rubuta a ƙarƙashin hoton: tsawonta ƙafa biyar da inci huɗu, ta sa lamba 54, takalminta mai tudun inci biyu ne. Wannan layi ɗaya yana rage yawan tambayar "wace lamba ce za ta yi min?" fiye da duk wani dogon bayani. Manyan shagunan intanet irin su ASOS na Birtaniya sun daɗe suna rubuta tsawon mai sa kayan da lambar da ta sa a gefen kowace riga. A shekarar 2020 ma sun gwada wani tsari mai suna See My Fit, inda ake nuna riga ɗaya a jikin mata goma sha shida masu girma daban-daban. Mai shago ɗaya a Zoo Road ba ta da halin mata goma sha shida. Amma biyu za ta iya: ɗaya matsakaiciya, ɗaya mai jiki, kuma a kan rigunan da suka fi tsada kawai, inda kuskure ya fi ciwo.

Akwai wata gardama da masu sayarwa suke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce mai saye ba kanta take son gani a hoto ba, abin da take fatan zama take son gani, don haka siririya mai ƙuruciya ta fi jan ido. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mace 'yar arba'in da biyar ba lallai ta so ganin wadda ta gaji kamar ta dawo daga aiki ba. Abin da na fahimta shi ne tana son ganin kanta a ranar da ta yi kwalliya ta huta. Tazarar da ke tsakaninta da mai hoton ta zama wadda za ta iya tsallakawa. 'Yar talatin da biyar mai cikar jiki da kwarjini za ta sayar wa 'yar arba'in da biyar, za ta kuma sayar wa 'yar ashirin da takwas da ke son a ga ta girma. 'Yar ashirin kuwa, da ganin ta babbar mace za ta ce wannan ta yara ce, ta wuce, ko da rigar ita aka ɗinka wa. Hoton jan ido yana da wurinsa, a bangon shafi ko a tallar sallah. Hoton da za a duba a tura kuɗi kuwa, na awo ne.

Sai launin fata, wanda nan ne muka fi yaudarar kanmu. Yawancin hotunan abaya da mayafi da ke yawo a wayoyinmu ba a nan aka ɗauke su ba, masu kaya ne a Dubai ko Turkiyya ko Sin suke turo su, jikin fararen mata. In kuma a nan aka ɗauka, sai a nemo mafi haske a unguwa, a ƙara mata da tacewar waya. Matsalar ita ce ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana ganin sa ne a gefen abin da ke kusa da shi. Ruwan ƙasa mai duhu, ko ruwan makuba, ko shuɗi mai duhu, a kan farar fata suna fitowa raɗau. A kan baƙar mace suna iya nutsewa, har a rasa inda wuyan riga ya ƙare. A ɗaya gefen kuma, ruwan ɗorawa da ruwan lemo da kore mai haske suna tashi a jikin baƙar mace yadda ba za su tashi a jikin fara ba, kuma mai sayarwa tana asarar wannan cinikin domin ba ta taɓa nuna shi ba. Mayafi da ɗankwali sun fi kowane kaya shiga wannan, tunda a gefen fuska suke zama. In kwastomominki yawanci wankan tarwaɗa ne da baƙaƙe, to a cikinsu za ki zaɓa.

Tacewar da ke haska fata kuma sau da yawa ba ta san fata daga yadi ba. In ta haska fuska ta haska rigar, ruwan toka ya koma kamar fari, ja ya koma ruwan hoda. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ajiye rigar a gefen waya a hasken rana na inuwa, a kalli hoton a kalli yadin. In sai an yi bayani kafin a yarda abu ɗaya ne, a sake hoton. Wata wahalar ta kyamara ce ita kanta: baƙar abaya mai aikin duwatsu ko farar shadda a jikin baƙin mutum suna rikita awon haske, ko dai fuskar ta yi duhu ko aikin rigar ya ɓace. Hasken safe a inuwar baranda, da farin kwali ko farin zane a gefe yana mayar da haske, ya fi gyara wannan a kan duk wata dabarar da za a yi bayan an ɗauka.

Af, a Najeriya batun sa 'yan ƙasar waje a talla ya ma wuce ra'ayi. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a matsayin masu tallar kaya ko masu karanta talla a tallan da aka nufi 'yan Najeriya da shi, daga 1 ga Oktoba 2022. Mai shirin biyan kuɗi a ɗora tallarta a allon titi ko talabijin ya kamata ta san da wannan.

Yanzu tsayuwa. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara tambayar me ake biya wa kuɗi a jikin rigar, sannan a tsara jiki yadda wannan abin zai fito. In abayar mai faɗin hannu ce, irin mai kama da fukafukin malam-buɗe-littafi, to mai sa ta ta sauke hannuwa a jiki ta kashe ta, sai ta ɗan buɗe hannu ɗaya faɗin ya zubo. In aikin a gaban ƙirji yake, kada mayafi ya rufe shi, kada a rungume hannu, kada a riƙe jaka a gaba. In mai buɗaɗɗen gaba ce, a yi taku ɗaya a hankali a ɗauka cikin tafiya, domin a nan ake ganin ko yadin mai nauyi ne mai zubowa ko mai tashi da iska. In akwai aljihu, a sa hannu a ciki a hoto ɗaya, mata suna son aljihu kuma ba sa yarda akwai shi sai sun gani.

Amma kafin duk waɗannan, hoton farko ya zama mafi sauƙi: a tsaye sak, fuskantar kyamara, tun daga kai har takalmi, nauyi a kan ƙafa biyu. Na biyu ta gefe, na uku ta baya, na huɗu kusa da aikin da yadin. Hoton gefe shi ne wanda masu sayarwa suka fi tsallakewa, alhali shi mai tumbi ko mai shayarwa ko mai juna biyu take nema. Tsayuwar nan da ake kwaikwayowa ta karkace ƙugu, a harɗe ƙafa, a dafa kwankwaso, an ƙirƙire ta ne don rigunan da ake so su nuna sura. Abaya kuwa yawancin masu sayenta don kada surar ta fito suke saye. In an karkace, yadin zai kwanta a cinya da ƙugu, sai mai saye ta ɗauka rigar ɗamammiya ce, ta ce ba za ta iya fita da ita gaban surukai ba. An kori kwastoma da tsayuwa, rigar ba ta yi laifin komai ba.

Kyamarar ma tana da nata tasirin a kan jiki. Waya in an matso da ita kusa, abin da ya fi kusa da ita yakan kumbura. Mai ɗauka in ya tsaya ya ɗauko daga saman kansa, kai zai yi girma, ƙafafu su gajarce, riga ta fito kamar ta fi tsawonta. In ya durƙusa ƙasa, mace ta zama doguwa kamar bishiyar giginya, rigar ta yi kamar ta ɗage. A ja baya kamar taku huɗu, a danna `2x` in wayar tana da shi, a riƙe ta daidai tsakanin ƙugu da ƙirjin mai sa kayan, a miƙe ba a kwantar ba. A yi alama a ƙasa inda take tsayawa da inda mai ɗauka yake, domin duk rigunan su fito da awo ɗaya, mai saye ta iya kwatanta wannan da waccan. Kuma a bar sarari sama da ƙasa, saboda hoton da ya dace da sitatus dogo ne, in aka ɗora shi a shafin Instagram ana iya yanke bakin rigar, wato daidai wurin da ake son gani.

Fuska ita ce mai gaya wa mai kallo inda za a je da kayan. A mujallun ƙasashen Turai an saba ganin masu tallar kaya masu tsada sun ɗaure fuska, ba fara'a, ido a sama. A can ana karanta shi a matsayin isa da tsada. A wurinmu mace ta haɗe rai tana kallon ka a hoto, fassarar farko ita ce girman kai ko an yi mata laifi. Dariya har da haƙora a waje kuma, ga babbar mace mai neman rigar zuwa aiki ko gaisuwar surukai, tana iya zama rashin kamun kai. Tsakiyar ita ce murmushin da bai buɗe baki sosai ba, kafaɗa a sake, irin fuskar da ake tarbar baƙo da ita. Wannan ce ta dace da kwastomomin 'yar kasuwarmu. Da kayan sallar 'yan mata take sayarwa, ko na fitar biki da ƙawayen amarya, da sai a saki fuska, a yi dariya, a juya, domin ranar da ake saya wa kayan ranar raha ce. Kayan amarya kuwa sunkuyar da ido kaɗan ya fi kama da yadda ake ganin amarya a wurin kamu.

Akwai kuma batun inda ido yake kallo. Ɗan Adam in ya ga fuska a hoto can idonsa yake fara zuwa, in kuma fuskar tana kallon wani abu sai ya bi ta da kallo. Don haka in zobe ake sayarwa ko agogo ko aikin bakin hannu, mai sa kayan ta kalli hannun nata, mai kallo zai bi ta. In ta zuba wa kyamara ido da kwalliya mai nauyi da gashin ido na kanti, to a kan fuskar za a tsaya. Alamar hakan a bayyane take. A duba saƙonnin da suka biyo bayan hoton: in "masha Allah, kin yi kyau" da "wace ce wannan?" sun fi "nawa ne?" da "akwai 56?" yawa, to an tallata yarinyar ne. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin haya. Gwajin da mai ƙaramin jari za ta iya shi ne ta ɗora riga ɗaya da hoto iri biyu a mako biyu daban, farashi ɗaya, lokaci ɗaya na yini, ta ƙirga masu tambayar farashi da lamba kawai. Kada ta gwada makon albashi da makon tsakiyar wata, ko makon jajiberin sallah da wanda ya biyo baya, domin a nan aljihu ne ya yi magana.

Da yawa a Arewa suna yanke hoton daga haɓa, ko mai sa kayan ta kare fuska da waya a gaban madubi, saboda kunya ko addini ko sharaɗin gida. Wannan ba naƙasu ba ne ga abaya, har ma yakan tura ido kan rigar kai tsaye. Abin da aka rasa shi ne shekaru da yanayi, sai hannu da takalmi da jaka su ɗauki wannan aikin: lalle ja mai sauƙi da takalmi mara tsini suna cewa matar gida ce, dogayen farata na roba suna cewa wani abu daban. Ga mayafi da hijabi da ɗankwali kuwa yankewar ba ta yiwuwa, tunda yadda suka zagaye fuska shi ne kayan. A nan sai a ɗauka ta gefe ko ta baya-baya, ido a ƙasa. Kuma ko da fuska ko babu, a yi magana a fili tun farko, a rubuce in da hali, kan inda za a sa hoton da tsawon lokacin. Yarinyar da ta yarda yau tana iya yin aure baɗi, a zo ana roƙon a goge, alhali hoton ya riga ya bazu a wayoyin masu saro kaya.

Kayan maza ba su da yawan rikici, amma ƙa'idar ɗaya ce. Babbar riga tana son kafaɗa da cikar jiki da 'yan shekaru. A sa wa siririn saurayi ita, sai ta zama kamar ya aro ta babansa, kuma alhajin da zai iya biyan kuɗin aikin hannu ba zai ga kansa a ciki ba. Tsayuwarta a naɗe hannuwan a kafaɗa, ƙirji a buɗe domin aikin wuya da aljihu ya fito, fuska a natse. Kaftanin samari mai ɗamewa kuwa saurayin ne ya dace da shi. Hula ita ma tana da lamba ta inci kamar abaya, kuma zamanta ya danganta da siffar kai da fuska: zanna bukar mai tsayi tana ƙara wa doguwar fuska tsawo, tana gyara mai faɗi. A ɗauke ta ta gaba da ta gefe, a kuma ɗan sunkuyar da kai a hoto ɗaya domin a ga saman, tunda masu sayen hula suna duba saƙar tsakiyar kafin su yarda da farashi. A rubuta lambar da ke kan mai hoton, 22 ce ko 23, a kuma faɗa ko an yi mata kari ko haka take zaune.